Taƙaita Nassi a Jarrabawa: Me Ya Sa Nake Wuce Adadin Kalmomi, Kuma A Ce Na Kwafa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina shirin jarrabawa. Duk lokacin da aka ba mu dogon nassi aka ce mu taƙaita shi cikin ƙayyadaddun kalmomi, sai na wuce adadin, don komai na gani sai in ga yana da muhimmanci. Kuma malamarmu takan rubuta mini “kin kwafa”, alhali na canza kalmomin. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Matsalolin nan biyu tushensu ɗaya ne: kina rubuta amsa idonki na kan nassin. Muddin nassin yana buɗe a gabanki, kina ɗaukar jimla kina gyara ta, to jimlar marubucin ce ke jan hannunki. Tsawonta zai biyo ki, tsarinta ma zai biyo ki. Na duba takardun ɗalibai masu yawa, kuma daga layin farko nake gane wanda ya yi haka.

Bari mu yi aikin tare a kan nassi guda, don ki ga abin da idonki. Ga shi, kalmomi 138 ne:

“Duk wanda ya taɓa fita daga tsakiyar babban birni zuwa ƙauye da daddare ya san yadda iska ke sauyawa, kamar an buɗe masa taga. Ba sihiri ba ne. Kwalta da kankare da jan bulo da aka gina birni da su suna shan zafin rana tun safe, su riƙe shi, sai dare ya yi su riƙa sakinsa a hankali. Sannan an sare itatuwa an cike fadamu domin gine-gine, alhali ganye da ƙasa mai danshi su ne ke sanyaya iska idan ruwa yana tashi daga jikinsu. Motoci da masana'antu da na'urorin sanyaya ɗaki kuma kullum cikin fitar da nasu zafin suke. Dogayen benaye, waɗanda wasu ke alfahari da su, suna tare iska, su hana ta ratsa tituna. Abin takaici, tsofaffi da jarirai ne suka fi shan wahala. Ya kamata hukumomi su dasa itatuwa, su kuma ƙarfafa yin rufi mai haske.”

Umarnin kuwa shi ne: “Cikin kalmomin da ba su wuce 40 ba, taƙaita dalilan da marubucin ya bayar na yadda birane suka fi ƙauyuka zafi.”

Ki fara da umarnin, kafin ma ki karanta nassin. Kalmar da za ki ja wa layi ita ce “dalilan”. Ba a ce ki taƙaita duk abin da ke cikin nassin ba, dalilai aka nema. Da wannan kaɗai jimloli huɗu sun fita daga lissafi. Ta farko shimfiɗa ce, ta biyu ado. Maganar tsofaffi da jarirai sakamako ce, ta dasa itatuwa kuma mafita. A nan ɗalibai suka fi faɗawa, domin jimlar tsofaffi da jarirai tana taɓa zuciya, sai mutum ya ji bai kyautu ya bar ta ba. Gaskiya ce, tana da nauyi, amma ba ita aka tambaye ki ba, kuma mai duba takarda ba shi da makin da zai ba ta. Ga kowace jimla ki tambayi kanki: wannan tana amsa “me ya sa”? In ba ta amsawa, ki wuce ta.

Saura jimloli huɗu, kowacce da dalili ɗaya. Yanzu ki ɗauki takardar gwaji ki rubuta kowane dalili cikin kalmomi huɗu ko biyar, a gutsure, kamar mai rubuta wa kanta abin tuni. Misali: kayan gini, rana sha, dare saki. Ba tsiro, ba danshi. Injuna, ƙarin zafi. Benaye, iska ba hanya. Kada ki yi cikakkiyar jimla a wannan mataki, don da zarar kin yi, ta marubucin ce za ta dawo.

Sai ki yi ɗan lissafi. Kalmomi 40 kike da su. Ki ware shida na buɗe magana, saura 34, a raba wa dalilai huɗu, kowanne ya sami takwas ko tara. Ba dole rabon ya zo daidai ba, wani dalili zai ci goma sha biyu wani biyar, amma tun kafin ki sa biro kin san cewa dalili ɗaya ba zai ci ashirin ba.

Daga nan ki kife takardar nassin, ko ki rufe ta da tafin hannu, ki rubuta amsa daga guntayen da kika yi. Wannan shi ne matakin da na fi so ki riƙe a duk bayanin nan.

Ki duba abin da ke faruwa idan ba a rufe ba. Ga irin jimlar da nake yawan gani: “Kwalta da siminti da bulo da aka gina gari da su suna zuƙar zafin rana tun safe, su adana shi, sai dare ya yi su riƙa fitar da shi sannu a hankali.” Mai wannan jimla za ta rantse ba ta kwafa ba, ai ta mai da “sha” ya zama “zuƙa”, “riƙe” ya zama “adana”. Amma ki ɗora ta a kan ta asali, za ki ga gaɓa da gaɓa sun hau juna, kalmomi kawai aka sauya wa riga. Wannan ne malamarki ke kira kwafa, kuma tana da gaskiya. Sannan ki ƙirga: kalmomi 32 ne, ta asalin 30. Wato ta ma fi ta asali tsawo, kuma dalili ɗaya ya cinye 32 cikin 40.

Kalmomin kanki na nufin ki fahimci maganar, ki sake gina ta daga tushe. Babban makamin da za ki yi amfani da shi shi ne dunƙule jeri cikin suna ɗaya. Kwalta da kankare da jan bulo duk “kayan gini” ne, kalmomi shida sun koma biyu. Motoci da masana'antu da na'urorin sanyaya ɗaki duk “injuna” ne, bakwai sun koma ɗaya. Sai dai dunƙulewar ma tana da iyaka. Idan kika ce “ayyukan ɗan Adam ne ke jawo zafi”, kin faɗi gaskiya, amma kin haɗiye dalilai huɗun gaba ɗaya, mai dubawa ba zai ga ko ɗaya da zai sa wa alama ba. Sunan da kika zaɓa ya zama ya rufe jerin, bai kuma rufe maƙwabcinsa ba.

Kalmomin da ba su da madadi kuwa, kamar “zafi” da “iska” da “birni”, ki bar su yadda suke. Ba wanda zai hukunta ki don kin kira iska da sunanta.

Rubutun farko da wuya ya shiga cikin adadi, kada hakan ya tayar miki da hankali. Zai iya fitowa kamar haka: “Marubucin ya bayyana cewa akwai dalilai guda huɗu da ke sa birane su fi ƙauyuka zafi. Na farko, kayan gini suna tara zafi da rana kuma suna fitar da shi da dare. Na biyu, an rasa tsirrai da danshin da ke sanyaya yanayi. Na uku, injuna iri-iri suna ƙara ɗumama gari. Na huɗu, manyan gine-gine suna toshe hanyar da iska za ta bi.”

Kalmomi 63 ke nan, an wuce da 23. Ɗalibi mai gaggawa sai ya yanke dalili na ƙarshe, ya yi asarar makinsa. Ba dalili ake yankewa ba. Ki duba jimlar farko, kalmomi 16 ne, babu dalili ko ɗaya a ciki. “Na farko” zuwa “na huɗu” sun ci wasu takwas. Kalmomi 24 ke nan da ba su ɗauko miki komai ba. A nan rarar take.

Akwai kuma wani ɗan kuskure da ya shigo, wanda sai kin buɗe nassin kin gwada za ki kama shi. Na rubuta “manyan gine-gine”, alhali marubucin dogaye ya ce. Gini yana iya zama babba a shimfiɗe, tsawo ne ke tare iska a maganarsa. Shi ya sa bayan kin gama rubutu daga guntayenki, dole ki koma ga nassin sau ɗaya, ki tabbatar ma'ana ba ta goce ba. Ki sa ido musamman a kan ƙananan kalmomi: kada “wasu” ta zama “duka”, kada “yana iya” ta zama “yana”. Kuma kada ki ƙara abin da kika sani daga wani wuri, ko da daidai ne. Abin da marubucin ya faɗa ake gwada ki a kai.

Ga amsar bayan gyara: “Birane sun fi ƙauyuka zafi saboda kayan gini suna tara zafin yini su fitar da shi da dare, kuma an rasa tsirrai da danshin da ke sanyaya yanayi. Injuna suna ƙara ɗumama gari, dogayen gine-gine kuma suna toshe hanyar iska.”

Kalmomi 40 cif, idan aka ɗauki “gine-gine” a matsayin kalma ɗaya, kamar yadda aka saba. Ni dai na fi son ɗalibi ya tsaya ƙasa da iyaka da kalma ɗaya ko biyu, don kada saɓanin ƙirga ya cutar da shi. Ki cire “kuma” ta farko, ki sa aya a wurin, ki fara sabuwar jimla da “An rasa”, kin dawo 39. Abin da ba za ki yi ba shi ne zubar da “suna” da “da” da “su” har jimla ta koma guntaye. Ana ba da maki a kan ingancin harshe ma, amsar ƙarshe sai ta kasance cikakkun jimloli.

Ki karanta lafazin iyakar da kyau. “Kada su wuce 40” katanga ce, kuma akwai jarrabawar da ba a duba abin da ya zo bayan iyaka, ta yadda dalilinki na ƙarshe zai faɗi a banza. “Kimanin 40” tana da ɗan sassauci, amma kada ki yi nisa da ita. Wani lokaci kuma adadin jimloli ake ƙayyadewa, ba na kalmomi ba, to a nan sai ki ba kowane dalili jimlarsa. Don sauƙin ƙirga, ki riƙa rubuta kalmomi biyar a kowane layi a takardar gwaji. Layi takwas ya cika, kin san kin kai 40, ba sai kin bi su ɗaya bayan ɗaya da bakin biro lokaci na tafiya ba.