Sauya kaya a hoto ba tare da taɓa bango ba

"Ina sayar da turare daga Sabon Gari, Zariya. An canza wa kwalbar fasali, amma ina son tsohon hoton yadda yake, da bango da haskensa. Yaya zan saka sabuwar?"

Hajiya, aikin yana farawa ne tun wurin ɗaukar hoton sabuwar kwalbar. Duba inda inuwar tsohuwar ta faɗi. In dama ta faɗi, haske daga hagu ya zo, sai ki ajiye sabuwar kusa da taga ta hagu, wayar kuma a tsayin da aka ɗauki na farko. In murfi ya fi bayyana a ɗaya, tsayin bai daidaita ba, kuma gyara ba ya maganin wannan.

A Photoshop, manhajar gyaran hoto, goge tsohuwar da Content-Aware Fill, wanda ke cike gurbinta da irin bangon da ke kewaye, har da inuwarta, mutane na yawan mantawa da ita. Yanko sabuwar ki ɗora, sannan ki zana siririyar inuwa mai duhu daidai gindinta a Layer daban, wato shimfiɗa ta daban a saman hoton, ki sa yanayin haɗinta a Multiply don duhun ya haɗu da abin da ke ƙasa. In babu ita, kwalbar kamar tana lilo a iska.

In gilashin garau ne, ana hango bayansa, kai wa mai hoto. Tsohon bango dole ya bayyana ta cikinsa, wannan kuwa sai gwani.