Fitsarin Baba: inda kunya take tsayawa

"Kawu, Baba yana tashi fitsari sau huɗu ko biyar a dare, kuma yana daɗewa a bayi. Ya dace ɗa ya tambayi mahaifinsa irin wannan, ko rashin kunya ne?"

Ɗana, kunya tana da muhallinta, amma ba ta kai a bar mutum da ciwo ba. Ka same shi shi kaɗai, ka fara da barci: "Baba, na ga ba ka samun barci sosai." Sauran zai fito da kansa. In ya ƙi, ka turo shi wurina, mu sa'o'in juna ba ma jin nauyin wannan magana.

Akwai wata 'yar tsoka a ƙasan mafitsarar namiji, likitoci suna ce mata furostet, ta zagaye hanyar fitsari kamar zobe a yatsa. Daga shekara 50 zuwa sama takan ƙara girma ta matse hanyar. Shi ya sa mutum zai tsuguna ya jira kafin fitsari ya zo, ya fito ba ƙarfi, ya gama yana ɗiga. Mafitsarar ba ta juye duka, don haka ba a jimawa ta sake cika, ga tashin dare. Wannan girman ba ciwon daji ba ne, amma sai an duba ake bambancewa, ciwon suga ma yana sa yawan fitsarin dare. Magani akwai: tamsulosin yana sassauta hanyar cikin kwanaki, sai dai yakan sa jiri in an miƙe da sauri, finasteride yana rage girman, amma sai an yi kamar wata 6.

Wannan duka ana iya jiran ranar ganin likita. Abin da ba ya jira shi ne fitsari ya tsaya cak. A ce dattijo ya sha maganin mura da yamma, ga cushewar bayan gida, domin su biyun suna jawo haka. Tsakar dare fitsari ya matse shi, ya yi ta yunƙuri ko ɗigo babu, mara ta kumbura ta yi tauri, yana gumi. Kada a ɗura masa ruwa ko maganin sa fitsari, ƙara cika mafitsarar za a yi. Kada a ce sai gari ya waye. A kai shi asibiti a daren, a sa robar fitsari, nan take zai samu sauƙi.

Wanda ya fi ba ni tsoro kuwa ba ya ciwo. Mafitsara ta cika ta saki, fitsari yana zuba da kaɗan-kaɗan, dattijo ya fara jiƙa shimfiɗa cikin barci yana ɓoyewa. Mutane su ce tsufa ne, alhali fitsarin yana danne ƙoda har ta lalace. In ka ga haka, a duba shi kwana kusa. In da zazzaɓi da rawar sanyi, ko gudan jini a fitsari, to ranar za a tafi.