Taken tebur a sama, na zane a ƙasa: yadda ake sa su da yadda ake kiran su a cikin furojet

Tambaya: Salam Malam, ina ajin ƙarshe a nan Katsina, furojet ɗina kan manoman rani ne na Ajiwa. Sufabaiza ya maido mani babi na huɗu ya zagaye taken teburorina da jan biro, kuma duk inda na ce "teburin da ke ƙasa" ya ja layi, bai yi bayani ba. Don Allah ina ake sa taken, ya ake ambatonsu a rubutu?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Tebur takensa a sama yake zama, zane kuma, ko giraf ne ko taswira ko hoto, takensa a ƙasa. Dalilin ba wani mai wuya ba ne, tebur daga sama ake karanta shi ana gangarowa layi-layi, to dole mai karatu ya san mene ne ake ƙirgawa kafin ya faɗa cikin lambobi, shi ko zane ido ke fara kama shi gaba ɗaya sannan mutum ya duba ƙasa ya ga me aka ce. Haka tsarin IEEE yake, haka MLA, kuma haka mafi yawan sassan jami'o'inmu suke so.

Amma akwai wurin da yara ke rikicewa. Tsarin APA bugu na 7 ya canza, ya ce zane ma lambarsa da takensa su hau sama kamar tebur, lambar da baƙi mai kauri, taken a layi na biyu a karkace. Bugu na 6 kuwa a ƙasa yake sa na zane. Shi ya sa za ki ga ƙawarki a wani sashen nata a sama kuma ba a ce mata komai ba. Saboda haka kafin ki taɓa komai ki nemi takardar ƙa'idar rubuta furojet ta sashenku, in babu ki je ofishin sashen ki duba furojet biyu ko uku da shi sufabaizan naki ya sa ma hannu bara, abin da kika gani nan shi za ki bi tun daga babi na ɗaya har ƙarshe. Ni dai abin da ya fi ɓata mani rai in ina duba aiki shi ne in ga rabi sama rabi ƙasa, wannan ya fi zaɓen tsarin da ba shi ba muni.

Lamba kuma babi take bi. Tebur na biyu a babi na huɗu shi ne 4.2, kuma tebur da zane kowa layinsa daban, wato za ki iya samun Table 4.1 da Figure 4.1 duk a babi ɗaya ba komai. Wasu sassan, musamman na kimiyya da noma, hoton kyamara Plate suke kiransa da nasa layin lambar, in kin ɗauko hoton injin ban ruwa a gona ki tambaya. Ga yadda naki zai fito:

```
Table 4.2: Sources of Irrigation Water Used by Respondents
(tebur)
Source: Field Survey, 2024

(zane)
Figure 4.1: Farm Size of Respondents (ha)
```

Kin ga inda aka samo bayanan yana ƙasan tebur ne duk da taken yana sama. Kuma taken ya faɗi abin da ke ciki, kar ki rubuta "sakamako" kawai, ki ɗauka wani zai buɗe shafin nan kaɗai bai karanta komai ba, ya gane?

Yanzu ga inda jan layin nan ya fito, kuma nan ne ainihin aikin. "Teburin da ke ƙasa" yana ƙasa ne a kwamfutarki yau. Gobe kin kai wurin masu buga takardu sun canza girman rubutu ko sun ƙara gefen da za a ɗinke, sai tebur ya tsallaka shafi na gaba, ƙasan jimlar taki kuma ya zama wani sakin layi ko ma wani teburin daban, mai karatu na nema bai gani. Lamba ita ba ta ɓata duk inda tebur ya koma. Don haka da lambarsa za ki kira shi, da babban baƙi a farko, Table 4.2, kuma ki ambace shi kafin ya bayyana, sai shi ya biyo bayan sakin layin da aka fara kiransa. Duk tebur ko zanen da ba a kira shi ko sau ɗaya a rubutu ba, ko dai ki kira shi ko ki cire shi ko ya koma rataye a ƙarshe. Kuma su zo a jere, kar ki ambaci 4.5 alhali 4.3 bai shigo ba.

Sai kuma abin da jimlar za ta ce. Mu ƙaddara misali, a ce kin tambayi manoma 120, 78 sun ce da ruwan dam suke ban ruwa, 30 rijiyar burtsatse, 12 wasu hanyoyi. Mafi yawan ɗalibai sai su rubuta "Table 4.2 ya nuna hanyoyin samun ruwa" su tsaya, to ai taken ma ya faɗi haka. Wasu kuma su kwashe kowace lamba ta teburin su sake jera ta a sakin layi, shi ma ɓata takarda ne. Abin da ake so ki ciro abu ɗaya ko biyu da suka fi nauyi: kamar yadda Table 4.2 ya nuna, manoma 78 cikin 120, wato kashi 65 cikin ɗari, sun dogara ne da dam, abin da ke nufin in ruwa ya ja baya a ƙarshen rani kusan biyu cikin uku ne abin zai taɓa. Ki lura 65 ɗin da ke cikin jimla dole ya zama shi ne a teburin, masu jarrabawa suna son kama wannan ranar difens.

Kar ki riƙa buga lambobin da hannu. A ce sufabaiza ya ce ki saka teburin shekarun manoma tsakanin 4.1 da 4.2, shi kenan na ruwa ya koma 4.3, duk na bayansa sun matsa, jimlolinki kuma suna nan suna kiran tsohuwar lamba. A Word ki danna kan teburin, ki je References sai Insert Caption, a Label ki zaɓi Table, a Position ki sa Above selected item, in zane ne Figure da Below selected item. Don 4.2 ya fito maimakon 2 kawai, ki shiga Numbering ki kunna Include chapter number, a Use separator ki zaɓi period, amma fa sai in kan babinki yana kan Heading 1 mai lamba ta Multilevel List, in ba haka ba saƙon kuskure zai fito a wurin lambar. A cikin jimla kuma ki yi Cross-reference ki zaɓi Only label and number. Duk lokacin da kika ƙara ko kika cire wani, Ctrl+A sai F9, lambobi su gyaru gaba ɗaya. In kika ga Error! Reference source not found. to kin goge taken da jimlar ke nunawa ne, ki sake saka shi daga Cross-reference. Jerin teburori na farkon furojet ma Insert Table of Figures zai haɗa maki, ki dai zaɓi Table a Caption label.

Kafin ki kai a buga ki maida fayil ɗin PDF ki bi shafi-shafi, abin da za ki nema shi ne taken da ya maƙale a gindin shafi teburinsa ya wuce gaba. Maganinsa ki zaɓi taken ki shiga Paragraph, Line and Page Breaks, ki kunna Keep with next. Ga zane kuma a kan layin hoton za ki kunna, tunda shi ne a sama. In teburin dogo ne har ya ci shafi biyu, ki zaɓi layinsa na farko ki danna Repeat Header Rows don kawunan ginshiƙai su sake fitowa a shafi na biyu.