Zan tafi hutu: in kunna amsar atomatik ko in tura saƙonni?

Tambaya: Zan tafi hutun mako uku. In kunna amsar atomatik ne, ko in sa imel ɗina ya riƙa wucewa wurin abokiyar aikina? Bara akwatin wani a ofishinmu ya cika da ɗaruruwan saƙonni iri ɗaya cikin dare guda, ina tsoron hakan.

Amsa: Malama, ki kunna amsar, amma wadda manhajar ta tanada domin hutu: Vacation responder a Gmail, ko Automatic Replies a Outlook. Ki sa ranar farawa da ta ƙarewa, ki rubuta ranar dawowarki da wanda za a nema idan abu na gaggawa ne.

Dalilin da na nace a kan wannan shi ne suna riƙe sunan wanda suka amsa wa. Gmail ba ya sake amsa wa mutum ɗaya sai bayan kwana 4, Outlook kuwa sau ɗaya yake yi har ki kashe. Sannan akwai ƙa'idar RFC 3834 ta shekarar 2004, wadda ta ce a sa wa irin wannan amsa alamar `Auto-Submitted: auto-replied`, domin na'urar da ke ɗaya ɓangaren ta gane ba mutum ba ne, ta yi shiru.

Matsala tana tasowa ne idan mutum ya haɗa tasa dokar a Rules, wato sashen tsara dokokin saƙonni na Outlook, ya ce a amsa duk saƙon da ya shigo. A ce wani kamfani ya turo miki rasit daga adireshin da ke cewa "mun karɓi saƙonki" ga duk abin da ya iso. Dokarki ta amsa, nasu ya amsa, taki ta sake amsawa, babu mai tunawa ya riga ya yi magana. In kowane zagaye minti ɗaya ne, cikin awa 8 kin tara saƙo 480. Alamarsa ita ce take ɗaya yana ta maimaituwa, RE: na hawa kan RE:, tazarar lokacin kusan iri ɗaya. Da zarar an kashe dokar a ɓangare guda, abin ya tsaya. Share saƙonni kafin nan aikin banza ne.

Batun turawa kuwa, ni ban so ki tura wa abokiyar aikinki komai da komai ba, don har takardar albashinki za ta gani. Ki ware saƙonnin abokan ciniki kaɗai, ki bar kwafi a akwatinki. Kuma ki tambaye ta ko tana da tsohuwar dokar da ke turo nata gare ki tun hutunta na baya. In akwai, saƙo zai iya yin ta kai-komo tsakaninku.

Kwana ɗaya kafin tafiya, ki kunna amsar, ki sa wani ya turo miki saƙo biyu a jere. Amsa ɗaya tak ya kamata ya samu.