NPV ya fito da ragi, ya zan rubuta wa oga kada a yi aikin?

Tambaya: Salam Malam. Ina aiki a sashen kuɗi na wani kamfanin shinkafa, oga yana so a sayi sabon injin casa na naira miliyan 50, ana sa ran zai riƙa kawo miliyan 14 duk shekara har shekara 5. Na yi lissafi da ret, wato tsadar kuɗi a shekara, na kashi 25, sai NPV, wato darajar abin da injin zai kawo a kuɗin yau bayan an cire kuɗin sayensa, ya ba ni ragin miliyan 12.35. Oga ya riga ya ƙwallafa rai, har an biya mai ba da shawara miliyan 3. Wani abokin aiki ya ce in sauke ret ɗin kawai. Wallahi tsoro nake ji, ya zan rubuta wasiƙar?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Lissafinka daidai ne, na sake bugawa. Amma ka duba abu ɗaya a Excel, kada miliyan 50 ɗin ta shiga cikin baka, don shi NPV na Excel yana ɗaukar lambar farko a matsayin ƙarshen shekara ta ɗaya:

```
=NPV(0.25,C2:G2)+B2
```

B2 shi ne -50, C2 zuwa G2 kuma 14 ɗin kowace shekara. In haka ka yi to ka tsaya a kan lambarka.

Wasiƙar kuma shafi ɗaya ya isa. Bayan gaisuwa, layin farko ya faɗi matsayarka kai tsaye: "Ranka ya daɗe, shawarata kada a sayi injin nan a wannan farashin, domin kuɗin da zai kawo cikin shekara 5 darajarsu a yau miliyan 37.65 ce, mu kuma za mu fitar da miliyan 50." Kada ka ɓoye wannan a ƙasan shafi na uku, manaja ba ya kaiwa can.

Yanzu maganar abokin aikin nan naka, ita ce ta fi damuna, don kusan kullum sai na ci karo da ita. Eh, in ka sauke ret zuwa kashi 10 NPV zai juye ya zama ƙarin miliyan 3 da ɗoriya, kowa ya yi murna a sa hannu. To amma wa zai ba kamfaninku kuɗi a kashi 10? A ƙarshen 2024 ret ɗin CBN kansa kashi 27.5 ne, bankunan kasuwa kuma sama da haka suke ba da rance. Shi ret ba lamba ba ce da kake zaɓa don ta yi wa oga daɗi, tsadar kuɗin da za ku zuba ce, ko na banki ne ko na masu hannun jari. Ka sauya shi a kwamfuta, banki bai sauya nasa ba, ranar biya cikakken kuɗinsu za su karɓa. Kuma abin da ke ba ni haushi, wasu masu kiran kansu ƙwararru da haka suke cin abinci, a faɗa musu amsar da ake so su yi ta murza ret har ta fito, su karɓi kuɗinsu su tafi, in injin ya kasa biyan bashi ba ka ƙara ganinsu, sai a zaro fayil a ga sa hannun ma'aikacin cikin gida. Naka kenan. Ɗayan sharuɗɗa biyu ne kawai zai halatta saukewa: in akwai takardar rance mai sauƙin ruwa a hannu, a rubuce, ba alkawarin baki ba, ko kuma in miliyan 14 ɗin ba a sa hauhawar farashi a cikinta ba alhali ret ɗin yana ɗauke da ita. Wannan na biyun ka bincika shi sosai kafin ka aika.

Oga zai ce maka 14 sau 5 ai 70 ne, ga ribar miliyan 20. Ka amsa masa tun a cikin wasiƙar, cikin ladabi: miliyan 14 ta shekarar farko darajarta yau 11.2 ce, ta shekara ta biyar kuwa 4.6 kacal. IRR ɗin aikin, wato kason ribar da aikin kansa ke bayarwa a shekara, wajen kashi 12 ne, rabin abin da kuɗin ke ci muku. Miliyan 3 da aka biya kuma ta riga ta tafi, a yi aikin ko a fasa ba za ta dawo ba, don haka ba ta shiga lissafi.

Kada ka rufe wasiƙar da "a'a" zalla, ka nuna masa ƙofa. Aikin zai tsaya da ƙafarsa in injin ya kawo miliyan 18.6 a shekara, ko in an samo shi a ƙasa da miliyan 37.6. In ana iya sayar da injin bayan shekara 5, ka sa wannan kuɗin ma ka sake bugawa. Ka haɗa da teburin lissafin, ka sa kwanan wata, ka ajiye kwafi a wurinka.