Kafin ka mayar wa mai gini makullin shagonsa, karanta wannan

Alhaji na ga saƙonka da hotunan takardar hayar, shafi na huɗu bai fito sosai ba, don haka abin da zan faɗa a kan abin da na iya karantawa ne, in ka kawo asalin takardar maganar tana iya canzawa.

Yadda na fahimta, ka kama shagon atamfa a wata filaza a Kano na shekara biyar a kan N2,400,000 duk shekara, an shiga shekara ta uku mai ginin ya ce sai miliyan huɗu, ga kwano yana yoyo ka gyara da N650,000 ka cire a kuɗin hayar bana, yanzu kuma ranka ya ɓaci kana so ka tattara kayanka.

To zancen da ka yi cewa tunda shekara biyar aka rubuta ba shi da ikon ƙara ko kwabo, ba haka ba ne. Shekara biyar wa'adin zama ne, farashi kuma sakin layi na shida ya ce za a sake duba shi bayan shekara biyu daidai da yadda hayar irin shagon take a kasuwa, kuma da hannunka ka sa hannu. Sai dai shi ma fa "za a duba" ba ya nufin ya tashi da safe ya yanke abin da ya ga dama ya aiko yaronsa ya gaya maka. Miliyan huɗun nan tayi ne, bai zama haya ba sai kun amince, ko kuma an bi hanyar da takardar ta tanada, na ga kamar an ambaci mai kimanta gine-gine mai rajista a shafin da ya dushe. Ka nemo rasit ɗin maƙwabta biyu ko uku masu shago irin naka a bene ɗaya, shi ne hujja, ba maganar dillali ba.

Inda hankalina bai kwanta ba shi ne kuɗin gyaran nan. Takardarku ta raba abin gida biyu, cikin shago naka ne, wato fenti da silin da tayil da ƙofa, shi kuma rufi da bango da indararo. Kenan a zahiri kwanon nasa ne, na yarda. Amma yawanci nauyin gyara ba ya hawa kan mai gini sai an sanar da shi an ba shi lokaci, kai kuma ka ce a masallaci ka gaya masa bayan la'asar ya ce "za a gani". Ba wasiƙa, ba ko saƙon waya, ba hoton kwanon kafin kafinta ya taɓa shi, sannan cikin kuɗin har da sabon silin wanda dama naka ne. Ga kuma layin da ya ce a biya haya cikakkiya ba tare da cire komai ba. Lauyansa zai ce kawai bashin N650,000 ake binka, kuma ba lallai kotu ta ƙi saurarensa ba.

Wannan bashin ne zai iya rufe maka ƙofar fita. An ba ka damar katse hayar a ƙarshen shekara ta uku, da sharaɗi biyu, notis a rubuce na wata shida, kuma babu bashin haya a kanka. Irin wannan sharaɗin kotu kan bi shi harafi da harafi. Tunda ranar 1 ga Janairu hayar ta fara, notis ɗin ya isa hannunsa kafin Yuni ya ƙare, kada ka jira makon ƙarshe, a kai adireshin da ke cikin takardar a sa hannu a kan kwafinka. In ka yi latti da kwana biyu, ko ka fita da bashin nan, yana iya neman hayar shekara biyun da suka rage, wanda ko a tsohon farashi N4,800,000 ne. Ajiye makulli wurin maigadi ba ya kashe haya.

Barazanar da yake yi ta sa kwado a shagon kuwa, ya sani ko bai sani ba doka ba ta ba shi wannan ba, sai ya bi notis da kotu kamar kowa. In ya yi, ka ɗauki hoto ka kira ni, kada ka fasa kwadon.

Ni da ni ne, zan biya N650,000 ɗin nan da wasiƙar da ta ce na biya ne ba don na yafe kuɗin gyaran kwano ba, in aika notis ɗin fita a kan lokaci, sannan a zauna. Mai ginin da ya san shago zai koma masa fanko ya fi saurin sauko da farashi. Ku fara da dattawan ƙungiyar 'yan kasuwarku, in abin ya faskara akwai ofishin sulhu na Babbar Kotun Kano, wato Multi-Door. Duk abin da aka cimma a rubuta, har da wanda zai hau kwanon nan in damina ta sake faɗuwa. Ka turo min shafi na huɗun da rasit ɗin kafinta a wannan makon.