Fuskar Baba tana fitowa da duhu a bidiyon karatu

"Assalamu alaikum. Ina ɗaukar karatun Baba da waya a falo, amma fuskarsa duhu take fitowa, rigarsa kuwa sai ƙyalli. Ko sai na sayi fitilar nan mai zobe?"

Wa alaikumus salam. Riƙe kuɗinka tukuna, ƙanena. Ina kyautata zaton farar riga Baba ke sawa, wataƙila ma taga tana bayansa. Waya tana auna hasken hoton ne gaba ɗaya. Da ta ga fari ya yi yawa sai ta rage haske, fuska ce kuma ke shan wahalar, balle ga mu masu duhun fata.

Fara juya wurin zaman. Taga ta koma gabansa, ta ɗan karkata gefe guda, yadda kunci ɗaya zai fi ɗayan haske kaɗan. Idan rana na shigowa kai tsaye, saki farin labule mara kauri. Ka kashe ƙwan silin, domin shi ke jefa inuwar hula a goshi ya duhunta ƙarƙashin ido. In gefen inuwar ya yi duhu da yawa, jingina farin kwali a kujera daga wannan ɓangaren, dab da inda hoto ya ƙare. Ni da hantsi nake ɗauka. Bayan la'asar haske na raguwa ana cikin karatu, sai ka tarar farkon bidiyo da ƙarshensa sun bambanta.

Sai abin da mutane da yawa ke tsallakewa: ɗora yatsa a kan fuskarsa a allon waya, ka riƙe har ta kulle. A iPhone za ka ga AE/AF LOCK, yawancin Android kuma alamar kwaɗo suke nunawa. Daga nan ka ja hasken sama kaɗan-kaɗan har fuskar ta fito. Idan aikin wuyan rigar ya ɓace cikin fari, ka wuce gona da iri, dawo baya. Da zai yarda ya sa ruwan toka ko shuɗi mai haske, da aikin ya zo da sauƙi, amma ka san dattawa da farar shadda.

In a kan darduma yake zama, wayar ma ta sauko daidai idonsa, kamar taku biyu daga gare shi, da kyamarar baya, a kan abin da ba ya motsi. Hoton ya kama daga ƙirji zuwa ɗan sama da hula, in yana karantawa kuma ka sauko har littafin ya shigo. Ka matso da shi gaba kamar mita ɗaya daga bango, kada inuwarsa ta manne masa.

Fitilar zobe sai karatun dare ya kama. Ko a nan ka sa ta a gefe, sama da kansa kaɗan, don in ta fuskance shi kai tsaye kuma yana sa tabarau, zobba biyu za ka gani a idonsa. Ka nemi wadda za ka iya jonawa da baturin cajin waya, saboda ɗauke wuta.